Hotuna 412 a kan shuɗin yadi, Hajiya kuma fari take so

Ɗan Kawo: Salamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda suka san Photoshop ku taimaka. Wata Hajiya mai shago a Kasuwar Barci ta ba ni hotunan kayanta guda 412 in mayar da bayansu fari tas, 1200 a 1200, za ta zuba a kataloginta na waya. Takalma 260, jakunkuna 95, mayafai 57. Yaron shagonta ne ya ɗauka da waya, duk a kan wani shuɗin yadi da ya shimfiɗa a benci. Na yi Action, na tura Batch bayan la'asar, na tafi kallon ƙwallo. Da na dawo sai na tarar da hoto ɗaya tak a foldar. Ɗaya! Wata baƙar jaka, ita ma da shuɗi a cikin hannunta. Ranar Asabar na yi mata alkawari.

Bash Rigasa: Wa alaikumus salam. Kwamfutarka ce ta gaji, ta yi ɗaya ta tsaya. Ka sake kunna ta.

Malam Tanimu: Ba gajiya ba ce. Ɗan Kawo, baƙar jakar nan ba ita ce ta ƙarshe a jerin hotunan ba? Kuma duba sunan fayil ɗin, sunan wane hoto ne?

Ɗan Kawo: Ikon Allah. Ita ce ta ƙarshe, Malam. Amma sunan na takalmin da na yi gwaji da shi ne.

Malam Tanimu: To ta yi maka aikin duka 412, sai dai kowane hoto ya hau kan ɗan'uwansa. Lokacin da kake naɗar Action ɗin ka yi Save As ka rubuta suna, shi kuma ya riƙe sunan. Duk hoton da ya gama sai ya adana shi da wannan sunan, ya goge na baya. Ka koma File > Automate > Batch, a Destination ka zaɓi Folder, ka nuna masa wata folda sabuwa wadda ba ta asalin hotunan ba, sannan ka sa alama a Override Action "Save As" Commands. Da haka zai ɗauki irin fayil da ingancinsa daga Action ɗinka, suna da wurin ajiya kuma daga akwatin Batch. Abin lura ɗaya: idan ka sa wannan alamar alhali babu Save As a cikin Action ɗin, ba zai adana komai ba, zai buɗe ya yi aiki ya rufe ka tashi a tutar babu. Kuma kada ka naɗi Open a ciki. Buɗe hoton tukuna, sannan ka danna naɗa.

Ɗan Kawo: Na gode Malam. Na gyara, na gwada guda 20, duk sun fito da sunayensu. Amma yanzu ne na ga ainihin ta'asar. Wasu rabin yadin na nan, wasu kuma an cinye musu dunduniya.

Malam Tanimu: Da me ka zaɓi bayan?

Ɗan Kawo: Magic Wand. Na danna kusurwar sama ta hagu, Tolerance 32, na goge, na zuba fari.

Bash Rigasa: 32 ya yi kaɗan, shi ya sa. Kai shi 80, ka cire alamar Contiguous, zai kwashe duk shuɗin da ke hoton har na cikin hannun jakar. Ni haka nake yi, ban taɓa samun matsala ba.

Baba Mai Hoto: Yaro, in fasfo ne ai ba sai ka wahala ba. Ni shekara da shekaru ina mayar da jan baya fari, minti biyu kowane ɗaya. Kawo su shago gobe da safe.

Ɗan Kawo: Baba ba fasfo ba ne, takalma ne da jakunkuna, sama da ɗari huɗu.

Baba Mai Hoto: Au. Minti bibbiyu sau ɗari huɗu kuwa ai sai mutum ya kwana. Allah ya ba da sa'a, ina nan ina karatu.

Malam Tanimu: Bash ya faɗi gaskiya a rabi. Cire Contiguous shi ne ke kama shuɗin da ya maƙale a cikin hannun jaka ko tsakanin igiyoyin sandal. Amma Bash, kai a kan me kake ɗaukar naka?

Bash Rigasa: Farin kwali, da fitila biyu.

Malam Tanimu: Ka ga bambancin. Bayanka launi ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Nasa yadi ne mai lanƙwasa, wani wuri rana ta haska shi ya koma kamar sararin sama, wani wuri inuwa ta mai da shi kusan baƙi. Lambar da za ta kama duka biyun za ta kama baƙin takalmi ma. In kuma akwai shuɗin takalmi a cikin kayan, da Contiguous a cire, sai dai ka ga igiya da soli suna shawagi. Action ba ya gani. Abin da hannunka ya yi a hoton farko shi yake maimaitawa, a daidai wurin da ka danna. Idan a hoto na 70 kusurwar nan bango ne ba yadi ba, bangon zai zaɓa.

Ɗan Kawo, in Photoshop ɗinka na 2020 ne ko sama, bar Magic Wand. Yi amfani da Select > Subject, yana naɗuwa a Action, kuma siffar kayan yake nema, ba launin baya ba. Amma kafin ka taɓa komai, zauna ka raba hotunan nan. Na san za ka ce ɓata lokaci ne. Ni dai duk aikin da na tura a dunƙule sai da na sake shi.

Ɗan Kawo: In raba su ta yaya? Takalma daban, jaka daban?

Malam Tanimu: Ba ta irin kaya ba, ta irin wahalar da za su ba ka. Masu duhu da masu launi mai ƙarfi, ja, baƙi, ruwan ƙasa, folda ɗaya, su ne masu sauƙi. Farare da masu ruwan madara da masu ƙyalli folda ta biyu, don yadin ya haska musu shuɗi a jiki. Masu launin shuɗi ko kore folda ta uku. Mayafai ka ajiye su gefe, maganarsu daban ce. Sannan ka duba Image Size na wasu daga ciki, ina zargin ba girmansu ɗaya ba.

Ɗan Kawo: Haka ne. Waɗanda na kwafa daga wayar yaron 4000 a 3000 ne. Waɗanda Hajiya ta turo ta WhatsApp tsawonsu 1280.

Malam Tanimu: Shi ya sa matakin farko a Action ɗin ya zama File > Automate > Fit Image, 2400 a 2400, da alamar Don't Enlarge. Dalili: za ka ce masa ya matse zaɓin da fiksel 2 don ya yar da gefen da ya gauraya da shuɗi. Fiksel 2 a babban hoto ba a ko ganinsa, a ƙaramin kuwa ya ci siririyar igiyar takalmi. Na WhatsApp ɗin in da hali ka koma shago ka karɓo na asali ta waya ko ta kebul. In babu, su ma foldarsu daban, a matse su da fiksel 1.

Tsarin shi ne: Fit Image, sai Select > Subject, sai Select > Modify > Contract 2, sai Feather 0.5 don gefen kada ya yi kaifi kamar an yanka da reza, sai Ctrl+J ya ɗauke kayan zuwa sabuwar leya, sai ka goge leyar ƙasa, ka adana PNG. Nan ka tsaya. Kada ka zuba fari tukuna.

Bash Rigasa: Me ya sa? Ai aiki biyu ke nan. A zuba farin a wuce wurin.

Maman Ilham: Bash, ba ka san masu shago ba ne. Ni kaina mai sayar da kaya ce, kuma na yi wa yaron da ke mini hoto haka. Na ce fari, ya yi, da na gani a waya fararen mayafaina sun ɓace a ciki, na ce ya mayar da ruwan toka. Da bai ajiye yankakkun ba da sai ya faro daga farko.

Malam Tanimu: Maman Ilham ta ba da dalili na ɗaya. Na biyu ya fi shi: a kan fari ba ka ganin kuskure. Idan aka huda farin takalmi, farin baya zai cike ramin, kai ba za ka lura ba sai mai saye ya tambaya ina kan takalmin. Yanka shi ne mai cin lokaci kuma shi ne mai kuskure. Zuba launi da daidaita girma sakan biyu ne. To a raba su, a duba tsakani.

Sadiq Barnawa: Na shigo a makare. Wurin dubawar nan ni ba na buɗe su ɗaya bayan ɗaya. In ka sa ImageMagick a kwamfutarka, kyauta ne, shiga foldar PNG ɗin ka rubuta:

```
magick montage -label %f *.png -background magenta -geometry 240x240+6+6 -tile 8x6 duba.jpg
```

Zai jera su 48 a shafi ɗaya, kowanne da sunansa a ƙasa, a kan launin hoda mai kashe ido. A kan wannan launin duk rami da duk guntun yadin da ya rage sai ya yi tsalle ya fito. Hotuna 355 shafi 8 ke nan, kafin ka gama shan shayi ka duba su.

Ɗan Kawo: Oga Sadiq ni fa baƙin allon nan tsoro yake ba ni.

Malam Tanimu: Akwai File > Automate > Contact Sheet II a cikin Photoshop, yana jera su haka. Sai dai ka cire alamar Flatten All Layers, sannan ka sa launin a ƙasa da hannunka. Na Sadiq ya fi sauri, gaskiya.

Sadiq Barnawa: Kuma kashi na biyun ma layi ɗaya ne. Ka fara ƙirƙirar folda mai suna fari, don ba zai yi maka ita ba:

```
magick mogrify -path fari -format jpg -trim +repage -resize 1040x1040 -background white -gravity center -extent 1200x1200 -quality 90 *.png
```

Yana yanke sararin da ke kewaye da kayan, ya mai da ɓangaren da ya fi tsawo 1040, ya ajiye shi a tsakiyar farin fili 1200. Ka samu tazarar aƙalla 80 kowane gefe. In Hajiya ta ce toka, ka canza white zuwa wani launi ka sake bugawa. Gargaɗi ɗaya, mogrify yana rubutu a kan fayil na asali idan babu -path kuma ba ka canza irin fayil ɗin ba. Na taɓa yi wa kaina haka da hotunan biki, ba na son tunawa.

Malam Tanimu: A Photoshop kuma Action na biyu ne: Image > Trim a kan Transparent Pixels, Fit Image 1040, wannan karon ba tare da Don't Enlarge ba, Canvas Size 1200 a 1200 ba tare da Relative ba, sai Solid Color fari a mayar da shi ƙasa, Flatten, Save As JPG. Wurin matsar da leya kada ka ja ta da linzami, Action zai riƙe lambar matsayinta, a wani hoton ya rikice. Yi da Ctrl+[ don ya naɗi "ƙasa da ɗaya" kawai.

Ɗan Kawo: To na fara. Foldar masu duhu guda 190 ce. Ina ganin kamar sakan 10 kowane hoto a laftof ɗina.

Ɗan Kawo: Innalillahi, sun ɗauke wuta, batirin kuma ba ya riƙewa. Ya mutu a na 113.

Bash Rigasa: Hhh, Kawo ke nan. Waɗanda ya gama suna nan ai, ba su tafi ba.

Malam Tanimu: Suna nan. Kwashe 112 na farko daga foldar asali ka kai wata, ka ci gaba daga na 113, shi ma ka sake shi ko da ka gan shi a can, wataƙila rabinsa aka rubuta. Gaba ka riƙa tura su hamsin-hamsin. Kuma a Errors ka zaɓi Log Errors To File. In ka bar shi a Stop For Errors, hoto ɗaya da bai gano komai a ciki ba zai tsayar da layin gaba ɗaya yana jiran ka danna OK, kai kana can kana barci.

Ɗan Kawo: Barkanmu da safiya. Masu duhu sun gama a shagon abokina mai janareta. Na daure na yi na Oga Sadiq, ashe ba ya cizo. Cikin 190, guda 23 ne ke da matsala. 14 shuɗi ya rage a cikin hannun jaka ko ramin sandal, 6 an haɗa da yatsun yaron shagon da ke riƙe da jakar, 3 kuma an bar takardar farashi. Amma akwai wani abin mamaki: bayan kashi na biyu wasu takalman sun fito ƙanana, sun koma gefe guda, alhali a PNG ɗin lafiya lau suke.

Sadiq Barnawa: Ba lafiya lau suke ba. Akwai ɗigo a wani lungu, fiksel uku ko huɗu na yadin da zaɓin ya ɗauko. Trim ba ya yanke wurin da akwai ko fiksel ɗaya, sai ya ɗauka daga takalmin har ɗigon duk kaya ne. Ni ma alama nake ɗaukarsa, duk wanda ya fito ƙarami ko a karkace na san akwai datti.

Malam Tanimu: In kana son ganin ɗigon, buɗe PNG ɗin ka sa masa Stroke ja mai kauri 10 a Layer Style. Zai kumbura ya nuna kansa. Goge shi, cire Stroke ɗin. Su 23 ɗin nan da waɗannan da hannu za ka yi su, kada ka ɓata yini kana neman Action da zai gyara su. Na cikin hannun jaka kuwa nan ne dabarar Bash take aiki, tunda jakunkunan ba shuɗaye ba ne: Magic Wand a cikin ramin, goge, shi ke nan.

Bash Rigasa: Alhamdu lillahi, yau an yarda da ni.

Ɗan Kawo: Saura farare. Gindinsu duk ya yi shuɗi-shuɗi kamar an sa musu bula.

Malam Tanimu: Wannan ba gefe ba ne, hasken yadin ne ya dawo jikin fatar, Contract ba zai cire shi ba ko ka kai 10. Kwafi Action ɗin, bayan Ctrl+J ka ƙara Hue/Saturation, ka zaɓi Blues ka sauke Saturation zuwa wajen -70, ka yi wa Cyans haka. Shuɗin zai koma toka-toka, ya zama kamar inuwa ta gaske. Ka ga amfanin rabawar: da ka tura wannan a kan foldar shuɗayen takalma, da Hajiya ta sayar da ruwan toka ga wadda ta biya kuɗin shuɗi.

Maman Ilham: Ɗan Kawo, maganar mayafan nan. In irin shara-shara ne masu duwatsu ko leshi, ka haƙura da yanka. Yadin yana leƙowa ta kowace ƙofar zare. Ko ka yanke gefe da kyau, mayafin ruwan hoda zai fito kamar ruwan malmo, kuma mata launi suke saye. Wata ta taɓa dawo mini da mayafi uku a kan haka, har da kuɗin ɗan acaɓa. Guda 57 ne kawai. Sayi farin kwali manya biyu, je shagon da hantsi, a ƙofa inda haske yake ba rana kai tsaye ba, ka sake ɗauka. Awa biyu ka gama.

Ɗan Kawo: Hajiya ba ta biya ni kuɗin ɗauka ba fa, na gyara kawai muka yi.

Maman Ilham: Sai ka gaya mata. Nuna mata ɗaya da ka yanka kusa da mayafin na gaske, da kanta za ta ce ka zo.

Malam Tanimu: Ina bayan Maman Ilham. In an ɗauka a farin kwali ma ba yanka za ka yi ba, Levels kawai za ka ja har kwalin ya kai 255 a Info, ka tsaya kafin mayafin ya fara wankewa. Fararen mayafai dai a kan fari ba za su fito ba ko me ka yi.

Ummi Malali: Ni tambayata inuwa. Na ga samfurin da ka ɗora, takalmin kamar yana tashi sama. Ba za a sa Drop Shadow a Action na biyun ba?

Bash Rigasa: A sa mana. Opacity 30, Distance 10, ya yi kyau.

Malam Tanimu: Ni ba na so. Drop Shadow inuwar abin da aka manna a bango ce, tana bin siffar kayan ta ko'ina. Takalmi kuwa a ƙasa yake zaune, inuwarsa a ƙarƙashin soli take. Mai ido yana gani ya san na jabu ne.

Ummi Malali: Malam, mai saye a ƙaramin allon waya take gani, tana wucewa da yatsa. Mai idon nan kai kaɗai ne. Babu inuwa sam ya fi muni a wurina.

Sadiq Barnawa: Ni abin da ya fi damuna ba inuwa ba ne. Tsarin 1040 ɗin nan yana mai da takalmin jariri girman jakar tafiya. A katalogi in suna jere abin dariya ne. Da ni ne, na yara foldarsu daban, a ba su 700.

Malam Tanimu: Wasu masu shagon sun fi son kowane kaya ya cika fili don a ga ɗinki. Wannan ba mu za mu yanke ba.

Ɗan Kawo: Na tura mata samfuri huɗu: da inuwa, babu inuwa, na yara babba, na yara ƙarami. Ta yarda in zo gobe da kwali don mayafan, ta ƙara ɗan abin da ta ƙara. Maganar inuwa ta ce sai ta nuna wa 'yarta. Shuɗayen guda 31 ne, na duba su a shafin hoda, 12 sai da hannu, yanzu nake kan na biyar.

Baba Mai Hoto: Yaro, abin nan na Select > Subject, yana kama kan mutum da hula? Ina da fasfo na ɗalibai 140 ranar Litinin.